Agogon hannu ba ya sallamar majinyaci

Lokaci kaɗan aka ba ni, don haka zan tafi kai tsaye.

Wasu abokan aikina na cewa mu ƙyale mutane da agogunansu masu auna lafiya, ai ko ba komai sun fara kula da jikinsu. Na ji. Damuwata ita ce mutumin da numfashi ke yi wa wuya, ya duba agogo ya ga SpO2 na nuna 96, ya fasa zuwa asibiti.

Ko na'urar da muke maƙala wa majinyaci a yatsa, kintace take yi. Tana ratsa yatsa da haske iri biyu, ta lissafa iskar da ke cikin jini daga abin da ya fito ta ɗaya gefen. A 2020 masu bincike a Jami'ar Mishigan sun gwada lambarta da ta jinin da aka ɗiba daga jijiya. Sun ware lokutan da na'urar ta nuna 92 zuwa 96, lambar da ke kwantar da hankalin kowa. A wajen baƙar fata, kusan kashi 12 cikin ɗari na waɗannan awon, iskar jinin ta gaskiya ba ta kai 88 ba. A wajen farar fata, bai kai kashi 4 ba. Ku lura da inda kuskuren ya karkata: na'urar ƙara wa mai fata irin tamu maki take yi, ta nuna shi lafiya lau alhali yana buƙatar iska. Kuma ta asibiti ke nan fa.

Agogo kuwa bai ma samu yatsa ba. A wuyan hannu yake, yana karanta ɗan hasken da ya dawo daga fata. Maɗauri ya yi sako-sako, ko hannu ya motsa, ko sanyin hunturu ya rage gudun jini, sai lamba ta canza. Wanda ya shaƙi hayaƙin janareto ko na gawayi a rufaffen ɗaki, lambarsa na iya fitowa da kyau yana cikin haɗari.

Haka batun ECG. Ka ɗora yatsa daƙiƙa 30, agogo ya zana layi ɗaya. Na asibiti ta fuska 12 yake kallon zuciya. Agogon na iya kama wani nau'in hargitsewar bugu da ke jawo shanyewar ɓarin jiki, kuma in ya yi gargaɗi a je a tabbatar. Amma ba ya gano toshewar jijiyar zuciya, masu ƙera shi ma sun faɗa.

Ga shawarata. Mai ciwon ƙirji, ko haki, ko jiri, a kawo shi asibiti ko nawa agogo ya nuna. Ya kamata hukuma ta tilasta wa masu shigo da agogunan rubuta wannan gargaɗi da Hausa a jikin kwali. Kada kuma asibiti ya sayi na'urar yatsa sai an nuna shaidar gwada ta a kan baƙar fata.