Daga "Haka Yake" Zuwa "Haka Ya Kamata": Giɓin Hume Da Maganar Alkawari



Bari in fara da ɗakin likita. Likita ya ɗaura wa wani dattijo abin awo a dantse, ya matsa, ya duba, ya ce: "Baba, jininka ya hau, gishiri kuma yana ƙara shi. Ya kamata ka rage." Duk wanda ke wurin zai ce magana ta yi daidai. Amma a lura, jimla biyun farko labari ne na yadda jiki yake, ta ukun kuwa hukunci ce a kan abin da ya dace a yi. Tsakaninsu akwai wata jimla da likita bai furta ba, don ya san ba mai musunta: tsawon rai cikin lafiya ya fi daɗin miya. In dattijon ya ce shi ya zaɓi daɗin miyarsa, to babu awon da zai ƙaryata shi. Sai dai a yi masa nasiha, ita kuwa nasiha ba a karanto ta daga abin awo.

Wanda aka fi jingina wa wannan lura shi ne David Hume, masanin falsafa da aka haifa a Edinburgh a 1711. A kashi na uku na littafinsa a kan ɗabi'ar ɗan Adam, wanda ya fito a 1740, ya yi ƙorafi cikin sakin layi guda: marubutan tarbiyya sukan yi ta bayanin yadda abubuwa suke, kwatsam sai ka ga sun koma cewa ya kamata ko bai kamata ba, ba tare da sun nuna ta inda suka haye ba. Wanda ya karanci mandiƙi a zaure zai gane ƙorafin nan take. Natija ba ta ɗaukar abin da ba ya cikin muƙaddimominta. Abin da ba a zuba a tukunya ba, ba za a kwashe shi a akushi ba.

Hume ya kawo misalin da nake ganin ya fi sakin layin kaifi. Iri ya faɗo daga bishiya, ya tsiro a gindinta, ya girma har ya rufe ta da inuwa ta mutu. Ga kuma ɗa da ya kashe mahaifinsa. A duka biyun, wanda aka haifa shi ya hallaka wanda ya haife shi, amma ba mai kai bishiya gaban alƙali. Za a ce ai ɗan yana da niyya. Gaskiya ne, sai dai niyya ma wani abu ne da ya faru, an ƙara shi cikin lissafi kawai. A ganin Hume, duk yadda ka bincike aikin ba za ka ga munin a jikinsa ba sai ka waiwayi ƙyamar da ke tasowa a zuciyarka.

Gardamar ba baƙuwa ba ce ga malaman tauhidi. Ƙarnuka kafin Hume, Mu'utazilawa sun ce hankali na iya gane kyawun adalci da munin zalunci, Ash'ariyyawa kuma suka ce kyau da muni, a ma'anar abin da ke jawo lada ko azaba, ta shari'a ake saninsu. Hume da Ash'ariyyawa sun yi hannun riga a kan inda hukuncin ke fitowa, shi ya ce zuciya, su suka ce wahayi. Abin da ya haɗa su kawai shi ne ƙin yarda cewa siffanta aiki ya isa ya haifar da hukuncinsa.

Yanzu ga ƙalubalen da ya fi ƙarfi. A 1964 John Searle, ɗan Amurka, ya ce zai haye giɓin da ƙafa kowa na kallo. Wani Jones ya furta cewa ya yi wa Smith alkawarin dala 5. Wannan abu ne da kunne ya ji. Tunda ya furta, ya yi alkawari. Yin alkawari kuwa ma'anarsa ɗora wa kai nauyi. Wanda ya ɗora wa kansa nauyi, nauyin na kansa. Saboda haka ya kamata Jones ya biya. An fara da labari, an ƙare da hukunci, kuma Searle ya ce babu inda ya saƙa ra'ayinsa. Bahaushe zai ji wannan a jikinsa, domin shi ma cewa ya yi alkawari kaya ne, wato nauyin yana cikin kalmar kanta.

Hujjar Searle ita ce akwai abubuwan da ke tabbata ta hanyar ƙa'idar da mutane suka kafa. Takarda ba kuɗi ba ce sai da tsarin da ya mai da ita kuɗi. Haka furuci ba alkawari ba ne sai da tsarinsa. In ka shiga tsarin, "ya kamata" na biye da kai.

To, mu gwada matakan nan a wani wurin. Mutum biyu sun zauna caca a bayan tasha. Ɗaya ya ci, ɗaya ya ce gobe zai kawo naira 5,000. An furta, an yi alkawari, bisa ƙa'idar wurin nauyi ya hau kansa. Duk matakan Searle sun cika. Ya kamata ya biya? Malamin da ke wucewa zai iya tabbatar da kowane mataki a matsayin labari, ya ce lalle a wurin 'yan caca ana binsa, sannan ya ce wannan ba bashin da ya wajaba a biya ba ne. Bai yi tufka da warwara ba. Ashe "ya kamata" iri biyu ce: wadda ke ba da rahoton abin da ƙa'ida ta ce, da wadda mai magana ya sa hannu a kanta. Matakan Searle suna kai mu ga ta farko. Ta biyun tana buƙatar a yarda cewa tsarin ya cancanci a bi shi, kuma kusan nan ne masanin falsafa R. M. Hare ya kama Searle a martaninsa na 1964. Searle ya yi tanadin cewa natijarsa na aiki ne idan babu wani dalili da ya hana. Amma wa zai auna ko kasancewar abin caca dalili ne mai hanawa? Wannan awon kansa hukunci ne.

Ni a nawa ganin Hume ya ci wannan zagayen, sai dai abin da ya ci bai kai yadda ake zuzutawa ba. Akwai masu jin labarin giɓin sai su ce ashe tarbiyya son rai ce, kowa da tasa. Wannan bai biyo ba. Abin da aka nuna kawai shi ne hujjar da ta ƙare da "ya kamata" tana da wata "ya kamata" a cikinta, ko an faɗa ko an haɗiye. Bai ce muƙaddimar ƙarya ce ba, bai kuma ce ba a iya kare ta ba. Searle ma ya bar mana wani abu: kalmomi irin su alkawari, amana da bashi sun riga sun cakuɗa labari da hukunci, raba su sai da ƙoƙari. Shi ya sa malamin nan bai iya cewa "ana binsa" kai tsaye ba, sai da ya ƙara "a wurin 'yan caca".