Hoton takardar sakamako ya shigo waya: yadda za ka yi lissafin da kanka

A nemo biro da takarda, don yau lissafi za mu yi.

Mu a nan Kankia da Kusada, da maƙwabtanmu Ingawa da muke mazaɓar tarayya ɗaya da su, mun ga yadda hotunan takardun sakamako suka yi ta yawo a wayoyi a zaɓen 2023. Takardar rumfa ita ce EC8A, wadda ake ɗorawa a IReV. Ta mazaɓar gunduma kuma EC8B, ita ce mai layi-layi, kowace rumfa da layinta. Ita za mu ɗauka.

Kwafe lambobin ya fi lissafin wuya. Da hannu aka rubuta su, hoton kuma sau da yawa a karkace yake, sai idonka ya zame daga layin wata rumfa ya faɗa na ƙasa. Ka buɗe hoton sosai, ka bi layi ɗaya tun daga sunan rumfa har ƙarshensa. Ka kula da 1 da 7, da kuma 0 da 6. In ka gama, ka tara abin da ka kwafa ka gwada da jimillar da ke ƙasan takardar. Lambar da ba ta karantuwa kada ka cinta, je ka duba EC8A ɗin rumfar.

To ga misali, lambobin ni na tsara su don darasi. Rumfuna biyar, waɗanda aka tantance: 180, 210, 195, 240, 175.

Matsakaici, wato min: a tara su, 1,000 ke nan. A raba da 5, ya ba mu 200.

Yanzu kowace rumfa, nawa ta yi nesa da 200? A cire 200 daga kowace lamba: -20, 10, -5, 40, -25. Tsaya nan ka tara su. Dole su ba ka sifili, in ba haka ba akwai kuskure a baya. Kuma wannan sifilin shi ya sa ba za mu iya auna tazarar kai tsaye ba, na sama da na ƙasa suna cinye juna. Shi ya sa ake ninka kowace da kanta: 400, 100, 25, 1,600, 625. Jimilla 2,750.

A nan ɗalibai ke rikicewa, da 5 za a raba ko da 4? In waɗannan biyar su ne duk rumfunan da kake magana a kansu, raba da 5, ka samu 550. In kuwa tsamo su ka yi daga cikin masu yawa kana son hasashen sauran, raba da 4, ka samu 687.5. Dalili: daga su biyar ɗin ka fitar da 200, don haka sun fi kusa da shi fiye da ainihin matsakaicin gundumar, rabawa da 4 na gyara wannan ragin. Mu tsamowa muka yi, don haka bariyans ɗinmu 687.5.

Amma 687.5 na mene ne? Mutane ne da aka ninka da kansu, ba wanda zai gane wannan a majalisa. Sai a nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da 687.5, wato kusan 26.2. Wannan shi ne sitandad dibiyeshin. Ma'ana, rumfunan na kewayen 200, da tazarar mutum 26 ko makamancin haka.

Yanzu a ce 175 ɗin nan an karanta shi 775. Jimilla ta koma 1,600, matsakaici 320. Tazarar: -140, -110, -125, -80, 455. An ninka an tara, 260,750. Raba da 4, 65,187.5. Sitandad dibiyeshin ya tashi daga 26 zuwa kusan 255. Lamba ɗaya tak! Wallahi na fi ganin laifin mai rugawa ya rubuta "an yi aringizo" kafin ya koma ya sake kallon hoton. Kuma ko lambar ta tabbata, rumfuna ba girmansu ɗaya ba, mai rajista da yawa dole ta tantance da yawa. Sai ka raba waɗanda aka tantance da masu rajista, ka yi lissafin da kaso cikin ɗari.

Mai Excel a waya ya zuba lambobin daga A1 zuwa A5, ya gwada da abin da ya samu a takarda:

```
=AVERAGE(A1:A5)
=VAR.S(A1:A5)
=STDEV.S(A1:A5)
```

Masu S a ƙarshe su ne masu rabawa da 4. In da 5 kake so, sai VAR.P da STDEV.P, za ka ga 550 da kusan 23.5.