Murmushin Ruwa Biyu da Baka



Alamomin rubutun da muke koyarwa a aji sun daɗe suna wani aiki a waya. Ranar 19 ga Satumba, 1982, Scott Fahlman na Jami'ar Carnegie Mellon a Amurka ya ga ana ɗaukar barkwanci da gaske a saƙonnin kwamfuta. Sai ya kawo shawarar a haɗa ruwa biyu da karan ɗori da baka, :-) ke nan. Ruwa biyu idanu, karan ɗori hanci, baka kuwa baki, in mun karkatar da kai hagu. Juya bakan, :-( ya zama ɓacin rai.

Da wayar salula ta iso Najeriya a 2001, da su muka riƙa ƙawata tes, kafin fuskoki masu hoto su yaɗu.

A yau :) da :( kaɗai ne yawancinmu ke ganewa. Ita ;) sai a ɗauke ta kuskuren yatsa, <3 kuwa malamin lissafi zai karanta "ƙasa da uku", alhali zuciya ce.

Amma ƙaramar wayar iyaye a Tungar Daji kan mayar da fuska mai hoto akwatin banza, alamar rubutu kuwa tana isa lafiya. Saboda haka in za mu yi raha ta tes, mu tsaya kan biyun nan.