Amsoshin Wasiƙunku: "Ni Ba Kurma Ba Ne, Ku Ne Kuke Cinye Magana"

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomi da yake tambaya, ya ce mahaifinsa jinsa ya ragu, amma da an taɓo maganar asibiti sai ya hau faɗa, ina dabara? To, malam, ka saurara in ba ka labarin wani dattijo da iyalinsa suka sha fama irin naka, watakila ka tsinci abin ɗauka.

Dattijon nan ya haura shekara 70, manomin wake ne, kuma a da ya daɗe yana aikin injin niƙa. Abin ya faro ne sannu-sannu. Sai ya ƙure rediyo har maƙwabta su ji. In jikokinsa sun gaishe shi sai ya ce, "Iye?" In an maimaita sai ya ce 'ya'yan zamani ba su iya buɗe baki ba, cinye magana suke yi. Rannan a kasuwa mai saye ya ce buhu bakwai, shi kuwa ya ji takwas, aka yi ta sa-in-sa har sai da dillali ya raba su. Tun daga nan ya rage zama a majalisar ƙofar gida, in ana hira sai dai ya yi ta gyaɗa kai.

Kada ku ce taurin kai ne kawai. Raguwar ji ta tsufa ba ta ɗauke sauti duka a lokaci guda. A can cikin kunne akwai wasu 'yan ƙananan gasu masu karɓar sauti, kuma waɗanda suke fara lalacewa su ne masu karɓar siririyar murya. Shi ya sa tsoho zai ji ganga da tsawa da rurin mota sarai, amma muryar mata da yara ta gagare shi. Haruffa irin su "s" da "f" da "sh" su ne suke fara ɓacewa, sai "fata" da "sata" su zama abu ɗaya a kunnensa. Ke nan in ya ce yana ji, ba ƙarya ya yi ba, yana jin ƙara, kalmomin ne ba ya rarrabewa. Kuma ba shi kaɗai ba ne, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin waɗanda suka wuce shekara 60, fiye da mutum 1 cikin 4 suna da raguwar ji mai hana su walwala.

Da farko iyalin sun bi hanyar da ba ta ɓullewa. Aka riƙa ɗaga masa murya, shi kuwa ya ɗauka tsawa ake yi masa. Wani yaro ya yi suɓul da baka ya ce kaka ya kurumce, dattijo ya wuni bai ci abinci ba. Babban ɗansa kuwa, ka san kunyar ɗan fari, ba ya iya zama ya yi doguwar magana da shi.

Uwargida ce ta kawo dabara. Ta hana kowa ambaton kalmar kurma a gidan. Ta ce mai magana da Malam ya zo gabansa, inda zai ga bakinsa, a kashe rediyo, a yi magana a tsanake ba tare da ihu ba. Sa'an nan ta tura jikanyarsa, wadda suke wasan jika da kaka. Yarinya ta zauna ta ce, "Maigidana, jiya sau uku ina kiranka ka karɓi fura ka yi banza da ni, ko kishiya za ka yi mini ne?" Ya yi dariya, ya ce wallahi bai ji ba. Wannan ne karon farko da ya faɗi haka da bakinsa.

Bayan kwana biyu sai amininsa, wanda yake sa tabarau, ya zo ya ce, "Malam, da idona ya yi hazo ai kai ka raka ni aka gwada. Zo mu je a leƙa kunnen nan, watakila ma datti ne ya toshe shi." Ba a ce masa za a sa masa na'ura ba, dubawa kawai aka roƙa. Ya ce to, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ga yadda gwajin yake, don ka kwantar wa mahaifinka da hankali. Babu allura, babu ɗibar jini. Likita ya fara leƙa kunnen da 'yar fitila, ya tarar datti ya daskare a na hagu, aka fitar. Daga nan aka shigar da shi wani ɗaki da ba hayaniya, aka sa masa abin sauraro a kunne, aka ce duk sanda ya ji ƙara, komai ƙanƙantarta, ya ɗaga hannu. Aka gwada kowane kunne daban, da sauti mai kauri da siriri. Aka kuma ɗora masa wani ɗan abu a ƙashin bayan kunne, don a gane ko hanyar ce ta toshe ko can ciki ne ya gaji. Duka bai kai awa guda ba.

Ma'aunin ƙarfin sauti sunansa desibel. Mai lafiyayyen kunne yana jin abin da bai kai 20 ba, raɗa wajen 30 take, hira kuwa wajen 60. Dattijon nan sai sauti ya kai wajen 45 yake fara ji. Ka ga dalilin da hirar mutum biyu ba ta cika gagararsa ba, amma cikin hayaniyar kasuwa sai ta sulluɓe masa. Likita ya ce tsufa ne, ƙarar injin niƙa kuma ta taimaka.

Gaskiyar magana, irin wannan ba ta warkewa da ƙwaya ko ɗigo, domin gasun nan in sun mutu ba sa sake tsirowa. Abin da ake yi shi ne na'urar ƙara ji, wadda ake saitawa daidai da sakamakon gwajin mutum. Don haka kada ka saya a tebur a kasuwa. A makon farko dattijo ya ce kukan kaji da ƙarar kwanuka sun ishe shi, aka ce ya riƙa sawa na 'yan awowi a gida, yana ƙarawa kullum. Sai da ya yi makonni kafin ya saba. Yana cire ta kafin wanka da alwala da barci, yana goge ƙurar hunturu, ana canja batir. Yanzu ya koma majalisa, shi ke yin cinikin wakensa da kansa.

Akwai inda ba a jiran lallashi. In ji ya ɗauke farat ɗaya, musamman a kunne guda, ko kunne yana zubar da mugunya, ko akwai jiri mai tsanani, a tafi asibiti a ranar. Kuma a daina sa gashin kaza da tsinken ashana a kunne, suna tura datti ciki, suna iya huda dodon kunne.

Wurin zuwa shi ne sashen kunne da hanci da maƙogwaro na babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. In sun yi maka nisa, fara da asibitin da ke kusa, su leƙa kunnen su ba ka takardar turawa.

To, malam, nemi wanda mahaifinka yake jin nauyinsa ko wanda yake wasa da shi, a roƙe shi dubawa kawai. Allah ya ba shi lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, ku huta lafiya.