"Yaushe Za Ki Yi Aure?"

Wata budurwa ta je intabiyu a wani banki a Kano, sai wani daga cikin masu yi mata intabiyun ya jefo mata tambaya: "Yaushe za ki yi aure?"

Ba ta ɗaure fuska ba. Ta gane abin da yake tsoro shi ne ta ajiye aikin, don haka ta ce: "Ranka ya daɗe, na zo ne da niyyar daɗewa, kuma ko canjin reshe aka yi mini, a shirye nake."

Sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya haramta nuna bambanci saboda jinsi ko addini. Amma zauren intabiyu ba kotu ba ne, kuma wanda ya fara da karanto doka yakan rufe wa kansa ƙofa. Idan aka nace, sai a tambaya cikin ladabi yadda batun ya shafi aikin, a kuma rubuta abin da aka faɗa da kwanan wata bayan an fito.