Daga Bakin Karofi zuwa Ƙofar Mai Saye: Inda Ribar Mai Sana'a Take Zurarewa

 

Ba zan ɓata muku lokaci da tarihin da kowa a wannan zaure ya haddace ba, na yadda Barth ya iske Kano a 1851 tana tufatar da mutane har Tambutu da Gat da Tarabulus, ko na yadda fatar jar akuyar Sakkwato ta shiga Turai da sunan Maroko. Abin da ya kawo ni shi ne saɓanin da ya daɗe tsakanina da waɗansu abokan aikina da jami'an da aka ɗora wa alhakin fitar da kaya waje, waɗanda a duk zaman da muka yi da su maganarsu ɗaya ce, cewa kayanmu ba su da inganci, kuma maganin abin shi ne a ƙara baje koli, a ƙara taron bita. Ni kuwa ra'ayina, wanda na shekara da shekaru ina maimaita shi, shi ne aikin hannun mutanenmu yana samun masu so, kuma asarar tana aukuwa ne a tsakanin ranar da baduku ya yanke zaren ƙarshe da ranar da mai saye ya buɗe kwalinsa, tazarar da babu mai koyar da ilminta.

Bari in fara da mas'alar da na fi damuwa da ita, wato awo. Mutumin da ya saba da kasuwar Kurmi yana zaton idan ya ɗora ƙunshinsa a sikeli ya ga kilo shida, to kuɗin kilo shida zai biya. Kamfanonin aika kaya ta jirgin sama ba haka suke hisabi ba, domin jirgi yakan cika da girman kaya tun kafin ya gaji da nauyinsu. Saboda haka sai su auna tsawon kwali da faɗinsa da tsayinsa da santimita, su riɓanya ukun, su raba da 5000, abin da ya fito su kira shi nauyin girma, sannan su gwada shi da nauyin sikeli, wanda ya fi yawa a cikin biyun shi za a biya. Wannan ƙa'ida a rubuce take, ba a ɓoye ta ba, amma na sha tambayar ɗaki cike da masu sana'a ko akwai wanda ya taɓa jin ta, in ga hannu ɗaya ko biyu kawai.

Ku ɗauki tumtum na fata, irin wanda ake kishingiɗa a kai, wanda Turawa suke matuƙar so. Idan baduku ya cusa shi da audugar rimi ko tsumma domin ya yi kyan gani, zai buƙaci kwali mai santimita 50 a tsawo, 50 a faɗi, 35 a tsayi. Riɓanya su, 87,500 ke nan. Raba da 5000, ka sami kilo 17.5, alhali a sikeli mai yiwuwa bai wuce kilo shida ba. Ashe kuɗin kilo goma sha ɗaya da rabi ya biya a kan iska da audugar da mai saye zai iya samu a garinsu. To, a zazzage cushen, a ninke fatar, ta koma 40 da 25 da 8: wannan 8,000 ne, wato kilo 1.6, kusan daidai da nauyinta na haƙiƙa. Yanzu a jera guda goma, bibbiyu a hawa biyar, cikin kwali mai 50 da 40 da 40, lissafi ya ba da 80,000, wato kilo 16. Ku dubi wannan da idon basira, jama'a: tumtum goma marasa cushe sun fi guda ɗaya cusasshe arahar aikawa. Abin da ake bukata kurum shi ne baduku ya sa zik ko maɗauri a ƙasan tumtum ɗin, ya haɗa da 'yar takarda mai bayanin yadda ake cusa shi.

Wannan hisabin bai tsaya ga tumtum ba. Jakar hannu da aka cika da takarda don kada ta lotsa, da malfa, da kwando, da faifai mai tudu, da ƙwarya, duk hukuncinsu ɗaya: abin da yake shiga cikin ɗan'uwansa a jera shi ciki, abin da yake ninkuwa a ninke, abin da ba ya yin ko ɗaya a yi masa lissafi tun kafin a faɗi farashi. Kuma kwalin kansa a yanke shi daidai da kaya, domin santimita biyar ta banza a kowane gefe, idan aka riɓanya ta sau uku, kilo ce mai yawa. Masaƙa da marina a nan Allah ya yi musu sauƙi, tun da zane yana da nauyi kuma ba ya cin wuri, sai dai su ma aika turmi ɗaya shi kaɗai tsada ne, saboda kilon farko shi ya fi kowanne kuɗi, kuma farashin kowane kilo yana sauka gwargwadon yadda ƙunshi ya ƙaru. Na taɓa kawo wannan lissafi a wani zama, wani jami'i ya ce mini wannan ƙaramin al'amari ne da bai kai a sa shi a manhajar horo ba, kuma har yau ban daina jin ciwon wannan magana ba, domin na san mutanen da jarinsu ya karye a kan wannan ƙaramin al'amari.

Game da ƙunshi kuwa, abokin gabarmu laima ne. Fatar da aka rufe cikin leda da damina, ba ta gama shan iska ba, takan isa da fumfuna, wari ya riga mai saye ganin ɗinkin. A bar ta ta bushe sarai a inuwa, a naɗe ta da farar takarda, kada a yi amfani da jarida domin tawadarta tana kama jar fata, a jefa ƙananan ƙullin nan masu tsotse laima, sannan a rufe. Rinin baba kuma yana da tasa ɗabi'ar. Buzu yana sayen turkuɗin Kura ne domin ƙyallin bugu da shunin da yake bari a jiki, amma matar da ta shimfiɗa shi a farar kujerarta a Hambug za ta kira wannan aibi, ta nemi a mayar mata da kuɗinta. Malamanmu na fiƙihu sun riga sun yanke hukunci cewa wajibi ne mai sayarwa ya bayyana abin da mai saye zai ƙi in ya sani. Saboda haka a rubuta ƙarara cewa yana zuba a wankin farko, a wanke shi shi kaɗai da ruwan sanyi, kuma kada a haɗa shi ƙunshi ɗaya da farin saƙi ba tare da shamaki ba.

Sai kwastan, inda mamaki ya fi yawa. Da can Tarayyar Turai tana yafe harajin saye, wanda suke rubutawa VAT, ga ƙunshin da bai kai Yuro 22 ba. Tun 1 ga Yuli 2021 aka soke wannan rangwame, kowane kaya yana biya. Amurka ma, wadda take barin kayan da ba su wuce Dala 800 ba su shiga ba fito, ta dakatar da hakan a ƙarshen Agustan 2025. Abin da mutanenmu ba su cika sani ba shi ne, a Turai ana ɗora harajin a kan kuɗin kaya haɗe da kuɗin aikawa. A ƙaddara wani mai kanti a Jamus ya sayi tumtum goman nan a kan Yuro 400, aikawa ta ci 200. Ko da a ce fito bai hau kansu ba, harajin Jamus na kashi 19 cikin ɗari zai hau kan 600 ne, wato Yuro 114, sannan kamfanin da ya kai kayan ya ƙara ladansa na shige da fice a kwastan. Idan ba a gaya wa mai saye tun farko ba, sai ya ƙi karɓa, kaya su zauna ana lissafa musu kuɗin ajiya, daga bisani a tambayi baduku ko zai biya kuɗin dawowa ko a lalata su. Ciniki wanda ɗaya daga cikin masu yinsa bai san iyakar abin da zai biya ba, ai shi ne jahilcin farashi da shari'a ta yi gargaɗi a kansa. Maganinsa haruffa uku ne a takardar ciniki: DAP, mai saye ne zai biya kwastan, ko DDP, mai sayarwa ya ɗauke masa ya sa a cikin farashi. Kowanne halal ne muddin an yi shi da sani da yarda.

Akwai masu ba da shawarar a rubuta kyauta a kan ƙunshi, ko a rage kuɗin da ke takarda. Wannan ƙarya ce, kuma ƙarya ce marar riba, domin in kaya suka ɓata diyyar da za a biya ba za ta wuce abin da aka rubuta ba, in kuwa jami'i ya yi shakka zai riƙe su ya nemi shaidar biyan kuɗi. Haka nan wanda ya ƙawata jaka da ɗan yankin fatar mesa ko kada ko guza, ya sani cewa waɗannan dabbobi suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta 1973, kuma ba tare da takardar izini ba za a ƙwace jakar dungum, ko da adon bai fi faɗin yatsa biyu ba. A ɗaya ɓangaren muna da falalar da ba mu faɗa: Turai ta iyakance wani nau'in sinadarin kurom a kayan fata tun 2015, alhali majemanmu da bagaruwa suke jima, wadda ba ta da shi. Ya kamata a rubuta wannan a jikin kowace jaka, da sharaɗin ya zama gaskiya.

Masu cewa inganci ne matsala za su ce ɗinkinmu ba ya daidaita, launi yana saɓawa daga turmi zuwa turmi. Na ji, kuma akwai gyara a nan, amma mai neman abu dubu iri ɗaya masana'anta yake zuwa, ba karofi ba. Masu baje koli kuma ina tambayarsu su nuna mana, cikin waɗanda aka kai, mutum nawa ne suka aika kaya karo na biyu.

Buƙatata ga hukuma ita ce wadda na gabatar tun tuni. A ɗebi kuɗin baje koli guda ɗaya tak, a kama ɗaki kusa da Kurmi, wani kusa da Ƙofar Mata, a sa sikeli da tef ɗin awo da kwalaye masu girma dabam-dabam, a zaunar da magatakarda wanda ya iya cika takardar ciniki da lambar kaya ta kwastan, ya kuma san rajistar Hukumar Bunƙasa Fitar da Kayayyaki da fom ɗin NXP. A tsayar da rana ɗaya a mako da masu sana'a za su haɗa kayansu masu zuwa ƙasa ɗaya cikin aike guda, a raba kuɗin gwargwadon awon kowa. A buga jadawalin lissafin nan da Hausa, da boko da ajami, a manna a bango. Shugabannin ƙungiyoyin da suke zaune a sahun gaba na roƙe su su kawo mini kwali ɗaya daga cikin waɗanda suke shirin aikawa a wannan wata, mu auna shi tare a gaban mambobinsu.