Bugun da ya ƙi yanke hukunci

A cikin kwamfuta akwai ƙaramar da'ira mai suna filif-fulof, wanda ke riƙe sifili ko ɗaya duk lokacin da agogo ya buga. Sharaɗinsa ɗaya ne: saƙon da ke shigowa ya tsaya cak jim kaɗan kafin bugun da kuma bayansa. In saƙon ya canza a daidai wannan ɗan tsakani, wutar cikin da'irar na iya tsayawa tsaka-tsaki, ba sifili ba, ba ɗaya ba, kamar ƙwarya da aka ɗora a kan tsinin turke. Wannan shi ake kira metastabiliti. Dalili kuwa, ɓangarorin filif-fulof biyu ne masu juya saƙo, kowanne na ciyar da ɗan'uwansa, kuma a tsakiya ƙarfinsu kan yi kunnen doki.

Har yaushe zai tsaya haka? Babu iyakar da aka yanka masa. Ƙaramar karkata na ninkuwa da sauri, don haka yiwuwar ci gaba da rataya tana raguwa ninki-ninki. A ce kowace nanosakan ɗaya tana rage ta sau dubu: nanosakan biyu za su rage ta sau miliyan, amma ba za ta kai sifili ba.

Wani zai ce a ƙera da'irar da za ta gano ratayar ta kauce mata. Ai ita ma mai ganowar hukunci take yankewa, ita ma tana iya ratayewa. Shi ya sa injiniyoyi ke jera filif-fulof biyu, na biyun ya jira bugu guda kafin ya karanta na farkon.